Ekwasiyon da atom suka yi daidai amma caji bai yi ba: yadda kuskure ɗaya ya rage sakamakon dozaj sau biyar a wani aji a Tawa

Abin da zan bayyana ya faru ne a wata lise ta garin Tawa inda nake koyar da fizik da kimiyyar sinadarai, a ajin firamiyar, wato ajin da ke gab da tarminal, cikin makonnin hunturu da muke darasin redoks, wato haɗuwar sinadarai inda wani ke ba wani elektaron. Na zaɓi wannan lamari ne saboda ɗalibar da ta yi kuskuren tana cikin masu ƙoƙari, aikin hannunta a ɗakin gwaji ya fita tsaf, lissafinta na ninkawa da rabawa ma babu aibi, amma duk da haka amsarta ta ƙarshe kashi ɗaya cikin biyar ce kawai ta amsar gaskiya. Duk ɓarnar tana cikin layi ɗaya, layin da ta rubuta ekwasiyon ɗin haɗuwar sinadaran biyu.

Gwajin dozaj da aka ba ɗaliban sananne ne ga duk wanda ya yi karatun kimiyya a lise, wato auna yawan iyon ɗin ƙarfe Fe²⁺ da ke cikin ruwa ta hanyar ɗiga masa ruwan permanganat na potasiyom. Permanganat ba baƙon abu ba ne ga yaranmu, domin shi ne ƴan ƙwayoyin nan da ake saye a farmasi a jiƙa su ruwa ya koma shunayya don wanke miki. Ni da kaina na auna giram 3,92 na gishirin Mohr mai ɗauke da Fe²⁺, wanda mol ɗinsa guda ke da nauyin giram 392, na narkar da shi har ruwan ya cika mililita 100, saboda haka na san tun farko cewa ƙarfin ruwan bai kamata ya yi nisa da mol 0,100 a kowace lita ba, amma ban faɗa musu ba. Kowace ƙungiya ta ɗebi mililita 10,0 da pipet ta zuba a kofin gilashi, ta ƙara wajen mililita 10 na asid silfirik mai mol 1 a lita, sannan ta riƙa ɗigo permanganat mai mol 0,020 a lita daga biret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni. Muddin akwai sauran Fe²⁺ a kofin, kowane ɗigo yana faɗawa launinsa na shunayya sai ya ɓace nan take, kuma ana tsayawa ne a ɗigon farko da ya bar ruwan da ɗan launin hoda wanda girgizawa ba ta gusar da shi. Ƙungiyar wannan ɗaliba ta tsaya a mililita 9,8.

A kayenta ga abin da ta rubuta:

```
MnO₄⁻ + Fe²⁺ + 8H⁺ → Mn²⁺ + Fe³⁺ + 4H₂O
```

Daga nan ta ce tun da iyon ɗaya na permanganat ke tafiya da iyon ɗaya na ƙarfe, yawan mol ɗinsu ɗaya ne. Ta ninka 0,020 da lita 0,0098 ta samu mol 0,000196, ta raba da lita 0,010, ta rubuta cewa ƙarfin ruwan mol 0,0196 ne a lita. Da na ja layi a ƙarƙashin ekwasiyon ɗin da jan biro, sai ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ai na ƙidaya komai. Manganis ɗaya a hagu ɗaya a dama, ƙarfe ɗaya ɗaya, oksijin huɗu huɗu, idrojin takwas takwas. Ina abin da ya rage?"

Gaskiyarta ce a kan atom, kuma wannan ne ya sa kuskuren ke da wuyar gani. Tun daga koleji an saba wa yara cewa daidaita ekwasiyon yana nufin ƙidaya atom a ɓangarori biyu, kuma a ƙonewar gawayi ko ta iskar gas wannan ƙidaya ta wadatar, saboda babu wani abu mai caji a layin. Na ce mata ta bar atom ta ƙidaya caji. A hagu akwai −1 na permanganat, da +2 na ƙarfe, da +8 na idrojin, jimilla +9. A dama akwai +2 da +3, jimilla +5, ruwa kuwa ba shi da caji. Ke nan caji huɗu sun ɓace tsakanin farkon layi da ƙarshensa, alhali caji ba ya ɓacewa a haɗuwar sinadarai kamar yadda atom ba ya ɓacewa. Abin da wannan giɓi ke nunawa shi ne elektaron ɗin da aka bayar ba su kai waɗanda aka karɓa ba, kuma tun da elektaron ba ya bayyana a ekwasiyon na ƙarshe, ba a ganin sawunsa sai ta caji.

Raba aikin gida biyu

Hanyar rabin ekwasiyon an yi ta ne daidai don a fito da elektaron fili a ƙidaya shi kafin a ɓoye shi. Ana rabuwa da dogon layin gaba ɗaya, a ɗauki kowane sinadari da abin da ya zama, a daidaita shi shi kaɗai. Na sa ta fito allo muka fara da ƙarfe saboda sauƙinsa. Fe²⁺ ya zama Fe³⁺, atom ɗaya a kowane ɓangare, babu oksijin babu idrojin, sai dai cajin hagu +2 ne na dama +3. Elektaron cajinsa −1 ne, don haka kullum ana ɗora shi a ɓangaren da cajinsa ya fi yawa don ya sauko da shi, a nan kuwa ɓangaren dama ne:

```
Fe²⁺ → Fe³⁺ + e⁻
```

Elektaron ya fito a dama, ma'ana an bayar da shi. Wannan shi ne oksidasiyon, Fe²⁺ kuma shi ne rediktar, mai bayarwa.

Rabin permanganat ne ke da aiki, kuma a nan tsarin matakan yake da muhimmanci, domin kowane mataki yana gyara ɓarnar da na gabansa ya bari. Ana fara rubuta MnO₄⁻ a hagu da Mn²⁺ a dama, a duba atom ɗin da ba oksijin ba kuma ba idrojin ba, wato manganis, a ga ɗaya ne ɗaya ne, sai a wuce. Sai oksijin: akwai huɗu a hagu, babu ko ɗaya a dama, don haka ana ƙara 4H₂O a dama, ruwa ɗaya a madadin kowane oksijin. Wannan ƙarin ya shigo da idrojin takwas a dama waɗanda babu su a hagu, sai a biya su da 8H⁺ a hagu. Idan aka fara da idrojin kafin oksijin, aikin banza aka yi, domin ba a san yawan idrojin da ake buƙata ba sai an ga yawan ruwan da aka zuba. Haka kuma ba a taɓa elektaron sai a ƙarshe, domin kowane H⁺ da aka ƙara yana sauya cajin ɓangarensa.

Da muka kai nan ta ƙidaya cajin da kanta. A hagu −1 da +8 sun ba da +7, a dama +2 ne kawai, bambancinsu biyar, kuma hagu ne ya fi yawa, saboda haka elektaron biyar za su shiga hagu:

```
MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5e⁻ → Mn²⁺ + 4H₂O
```

Elektaron a hagu alamar karɓa ce, wato rediksiyon, permanganat kuma shi ne oksidan. Akwai hanyar tabbatar da biyar ɗin nan ta wata fuska dabam, kuma ina son yara su saba da ita: a cikin MnO₄⁻ oksijin huɗu suna ɗauke da −8, iyon ɗin gaba ɗaya −1 ne, ke nan lambar oksidasiyon ta manganis +7 ce, ta sauka zuwa +2, tazarar kuwa biyar ce. Idan hanyoyin biyu suka ba da lamba ɗaya, da wuya a ce an yi tuntuɓe a tsakiya.

Wani ɗalibi daga bayan aji ya yi tambayar da na fi jin daɗinta a ranar. Ya ce: "Mushe, wa ya ba mu izinin ƙara ruwa da H⁺ alhali ba a rubuta su a tambayar ba? Idan haka ne me zai hana in ƙara O₂ in huta?" Amsar tana cikin kofin da ke gabansa. Komai a cikin ruwa aka narkar da shi, don haka ruwa yana nan da yawa, asid silfirik ɗin da ya zuba da hannunsa kuma shi ne ya kawo H⁺. Iskar oksijin kuwa ba ta tashi daga kofin ba, babu wanda ya ga kumfa ko ɗaya, saboda haka rubuta O₂ ƙirƙirar abin da bai faru ba ne. Oksijin ɗin permanganat a zahiri cikin ruwa yake ƙarewa, H⁺ ne ke janye shi. Wannan dalili ne kuma ya sa ba a rubuta OH⁻ a ruwa mai asid, domin ba zai zauna ba, H⁺ zai haɗu da shi nan take su zama ruwa.

Abin da ya rage shi ne haɗa rabi biyun, kuma a nan ne ainihin kuskuren ɗalibar yake. Permanganat ɗaya yana neman elektaron biyar, ƙarfe ɗaya kuwa elektaron ɗaya tak yake iya bayarwa, elektaron kuma ba ya yawo shi kaɗai a cikin ruwa yana jiran mai ɗauka, dole abin da aka bayar ya zama daidai da abin da aka karɓa. Don haka ana ninka rabin ƙarfe gaba ɗayansa sau biyar, hagu da dama, sannan a tara layukan biyu, elektaron biyar na hagu su soke biyar na dama:

```
MnO₄⁻ + 5Fe²⁺ + 8H⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O
```

Yanzu cajin hagu −1 da +10 da +8 ne, wato +17, na dama kuma +2 da +15, shi ma +17. Da ta koma lissafinta sai ta ninka mol 0,000196 na permanganat sau biyar ta samu mol 0,00098 na ƙarfe, ta raba da lita 0,010 ta samu mol 0,098 a lita. Sai a lokacin na nuna musu takardar da na rubuta 0,100. Ɗan bambancin da ya rage, kashi biyu cikin ɗari, bai dame ni ba, domin kwana biyu ke nan da haɗa ruwan, Fe²⁺ kuma a hankali iskar oksijin tana mayar da shi Fe³⁺, ga kuma ɗan kuskuren karanta biret da ba a rasawa.

Da na duba takardar gwajin da take zane a kai kafin ta kwafe cikin kaye, na ga yadda abin ya faru. Ta haddace rabin permanganat daidai har da 5e⁻ ɗinsa, ta rubuta rabin ƙarfe daidai, sannan wajen tarawa ta goge elektaron daga ɓangarorin biyu saboda ta tuna an ce ba sa fitowa a layin ƙarshe, ba tare da ta lura cewa biyar take sokewa da ɗaya ba. A ganina wannan laifin namu ne malamai kafin ya zama na yara, domin muna yawan cewa "elektaron ba ya fitowa a ƙarshe" kamar doka ce ta rubutu, alhali sakamako ne na cewa an riga an daidaita su.

Kofin da ya koma ruwan ƙasa

A wannan darasin dai wata ƙungiyar ta manta da zuba asid, kuma abin da ya same su ya taimaka wajen nuna cewa 8H⁺ ɗin nan ba ado ba ne a takarda. Maimakon launin shunayya ya ɓace ruwan ya washe, sai kofinsu ya yi duhu ya zama ruwan ƙasa mai guɗa-guɗa, har suka kasa gane inda za su tsaya. Idan H⁺ ya yi ƙaranci, permanganat ba ya sauka har Mn²⁺, sai ya tsaya a MnO₂, wani gari mai launin ƙasa da ba ya narkewa, inda manganis ke da +4. Daga +7 zuwa +4 elektaron uku ne, ba biyar ba, ke nan kowane permanganat ƙarfe uku kawai yake iya ci, sai a zuba ruwan biret fiye da kima, wanda kuma ya yi lissafi da biyar zai samu ƙarfe fiye da wanda ke cikin kofin. Hanyar rabin ekwasiyon ba ta iya faɗa wa mutum wanne daga cikin biyun zai samu. Ita tana daidaita abin da aka ba ta ne, sanin cewa a ruwa mai asid sosai Mn²⁺ ake samu kuwa daga darasi da kuma launin kofi yake zuwa. Bisa ekwasiyon ɗin, mol 0,001 na ƙarfe yana cin mol 0,0016 na H⁺, abin da muka zuba kuwa ya ninka haka sau da yawa, da gangan, don kada asid ya yanke a tsakiyar aiki.

Ba kowane asid ne ya dace ba. Da asid kiloridirik aka zuba, iyon Cl⁻ ɗinsa ma zai iya miƙa wa permanganat elektaron ya zama iskar kilor, domin ƙarfin janyo elektaron na MnO₄⁻/Mn²⁺ bolt 1,51 ne, ya fi na Cl₂/Cl⁻ mai 1,36, balle na Fe³⁺/Fe²⁺ mai 0,77, sai a sami masu bayarwa biyu a kofin da ake zaton ɗaya ne. Asid nitirik kuwa shi da kansa oksidan ne, zai cinye wani ɓangare na Fe²⁺ tun kafin a buɗe biret. Silfirik mai ruwa-ruwa ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Iyon SO₄²⁻ ɗinsa, da K⁺ na permanganat, da NH₄⁺ na gishirin Mohr duk ƴan kallo ne, shi ya sa ba a rubuta su.

Mako guda bayan haka na so in ga ko ɗalibar ta kama hanyar ko kuwa ta haddace lamba biyar ne kawai, sai na ba ajin permanganat ɗin dai amma da ruwan oksijene, H₂O₂, wanda shi ma a farmasi ake samunsa, na gaya musu cewa a wannan karon ana ganin kumfa domin O₂ yake zama. Na zaɓe shi ne saboda yana da abubuwa biyu da misalin ƙarfe ba shi da su. Rabinsa ta rubuta ba tare da jinkiri ba: oksijin biyu a kowane ɓangare don haka babu buƙatar ruwa, idrojin biyu a hagu sai a biya da 2H⁺ a dama, cajin hagu sifiri na dama +2, sai elektaron biyu a dama.

```
H₂O₂ → O₂ + 2H⁺ + 2e⁻
```

Abu na farko shi ne biyar da biyu ba sa shiga juna, sai an nemi lambar da ta fi ƙanƙanta da dukansu ke raba ta, wato goma, a ninka rabin permanganat sau biyu, na H₂O₂ sau biyar. Yara da dama a nan suka ninka elektaron suka manta da H⁺ da ruwan da ke layi ɗaya da shi, shi ya sa nake tilasta musu su sake rubuta kowane rabi cikakke bayan ninkawa, ko da sun ga ɓata lokaci ne. Abu na biyu shi ne bayan tarawa H⁺ yana bayyana a ɓangarorin biyu, 16 a hagu daga permanganat, 10 a dama daga H₂O₂, sai a cire goman daga kowane ɓangare shida su rage a hagu:

```
2MnO₄⁻ + 5H₂O₂ + 6H⁺ → 2Mn²⁺ + 5O₂ + 8H₂O
```

Cajin hagu −2 da +6 ne, wato +4, na dama ma +4, idrojin 16 ne a kowane ɓangare, oksijin kuma 18.

Wani ɗalibi mai saurin lissafi ya ƙi bin hanyar, ya yi ta gwada lambobi da ka har ya kawo mini layin da ke da 7H₂O₂ a hagu da 6O₂ da 10H₂O a dama, sauran kuma kamar na sama, ya ce in ƙidaya in gani. Na ƙidaya, idrojin 20 ne da 20, oksijin 22 da 22, caji +4 da +4, komai ya zauna. Duk da haka amsar ba daidai ba ce, domin ba tare da ya sani ba ya cusa wata haɗuwar dabam a cikin layin, wato rugujewar H₂O₂ biyu zuwa ruwa biyu da O₂ ɗaya, wadda ba ruwanta da permanganat. Wanda ya yi dozaj da wannan layin zai ɗauka permanganat biyu na cin H₂O₂ bakwai, alhali biyar suke ci, tun da elektaron goma suke karɓa kuma kowane H₂O₂ biyu yake bayarwa. Ƙidayar atom da caji tana kama yawancin kurakurai, amma wannan ya fi ƙarfinta, sai wanda ya rubuta rabi biyun dabam-dabam ne zai tsallake shi.

Ɗalibar ta samu ekwasiyon ɗin daidai. A gefen kayenta, ƙarƙashin kowane rabi, ta rubuta jimillar cajin hagu da ta dama da fensir kafin ta sa elektaron, ta kuma kewaye 10e⁻ ɗin biyu kafin ta soke su. Maki ɗaya na cire mata, domin a rubutun farko ta bar 16H⁺ a hagu da 10H⁺ a dama ba ta rage ba, sai da ta zo miƙa takardar ta gani ta gyara da biro a kan tsohon rubutun har lambar ta kusa ƙin karantuwa.